"To Malama, me kike so in yi?": Mayar da maƙalar bincike takardar shawara mai shafi biyu

Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a sashen lafiyar al'umma na wata jami'a. Bara aka wallafa mini maƙala mai shafi 18 kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara gida-gida da damina, wanda ake sha kwana uku a jere a kowane zagaye. Na gano cewa iyaye mata da dama ba sa cika ba yara maganin rana ta biyu da ta uku: wasu suna ajiyewa sai yaro ya kwanta, wasu su raba da yayyensa, wasu kuma amai ne ya tsorata su. Wani darakta a ma'aikatar lafiya ya ce in kawo masa shafi biyu. Na taƙaita gabatarwa da hanyar bincike da sakamako, na sa shawarwari a ƙarshe. Bai yi minti ɗaya yana dubawa ba ya ɗago ya ce, "To Malama, me kike so in yi?" Kunya ta rufe ni. An ce in fara da shawarwari, amma ni ji nake kamar ɗora rufi ne kafin a yi gini, kuma ina tsoron abokan aiki su ce na faɗi abin da bincikena bai nuna ba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, Malama. Ki daina jin kunya, domin mutumin nan alheri ya yi miki. Da yawa karɓa suke yi su ce "za mu duba", takarda ta shige fayil, shi ke nan an binne ta. Shi kuwa ya gaya miki jimlar farko da yake nema.

Ginin da kike tsoron bai tsaya ba, ai ya riga ya tsaya. Maƙalarki ce ginin, masana sun tantance ta, tana nan ga duk mai son ya ƙwanƙwasa tubalinta. An tsara maƙalar mujalla ne don mai shakka, wanda ba zai yarda da sakamako ba sai ya ga yadda aka zaɓi gidaje da yadda aka yi lissafi, shi ya sa hanya take zuwa kafin sakamako. Darakta ba alƙalin bincike ba ne. Mutum ne da ke da hukuncin da zai yanke, da kuɗi ƙalilan, da kwamishina a samansa wanda zai tambaye shi dalili. Idan kika matse maƙala ta koma shafi biyu a kan tsarinta na asali, kin ba shi ƙaramar maƙala ce kawai, kuma har yanzu shi kika bar wa aikin tono abin yi daga cikinta. Ni ma na taɓa yin haka a farkon aikina. Na kai wa wani babban sakatare shafi huɗu da na yi mako biyu ina gogewa, na ga da idona ya wuce shafi uku bai karanta ba, ya tsaya a sakin layi na ƙarshe, ya ja layi a ƙarƙashin jimla ɗaya. Ita kaɗai ya zo nema, ni kuma na ɓoye ta a ƙurya.

Saboda haka ki rufe maƙalar tukuna. Kada ki buɗe ta ki fara yanke-yanke, domin duk jimlar da kika sha wahalar rubutawa za ta roƙe ki ki bar ta. Ki ɗauki farar takarda ki amsa abu uku da hannunki: wane ne zai karanta, wane hukunci ne ke hannunsa, kuma yaushe zai yanke shi. A nan yawancin masu bincike suke faɗuwa, domin suna rubuta wa "gwamnati", alhali babu wani mutum mai suna gwamnati. Akwai mai kula da shirin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na jiha, wanda zai iya sauya abin da ake koya wa masu rabon magani. Akwai hukumar kula da lafiya a matakin farko, wadda ma'aikatan asibitocin gunduma ke ƙarƙashinta. Akwai kwamishina, da ma'aikatar kasafi. Akwai shirin ƙasa a Abuja, wanda ƙa'idar magani take hannunsa. In kika ce wa daraktan jiha a sauya tsarin shan maganin, kin ba shi aikin da ba nasa ba, zai yi murmushi ya ajiye. In kika ce a ƙara sa'a biyu a horon masu rabo, wannan yana iya sa hannu a kai gobe.

Lokaci ma haka. A yawancin jihohinmu na arewa rabon yakan kama daga Yuli zuwa Oktoba, zagaye huɗu, kwana 28 tsakanin kowanne. Amma tsare-tsaren gunduma-gunduma da horo da buga katuna ana yin su ne watanni kafin ruwa ya sauka, kasafin shekara mai zuwa kuma ma'aikatu kan fara haɗa shi tun tsakiyar shekara. Takardar da ta iso a Agusta tana neman a gyara horo ta makara da shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tambayi daraktan ranar taron tsare-tsare, ki rubuta don wannan taron.

Bari in nuna miki da wata maƙala da na san kin karanta, tunda a fagenki take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan rigakafi a 2012, ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 a yankin Sahel. A 2015 da 2016 shirin ACCESS-SMC ya faɗaɗa shi a ƙasashe bakwai: Burkina Faso, Chadi, Gambiya, Gini, Mali, Nijar da Najeriya, inda aka yi shi a Sakkwato da Zamfara. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2020. Adadin da kowa ya riƙe daga ciki shi ne kashi 88 cikin ɗari, wato kariyar da maganin ke bayarwa cikin kwana 28 bayan an sha. Idan mai bincike zai taƙaita maƙalar, da wannan zai buɗe, domin shi ne abin alfahari.

To amma ki sa kanki a kujerar jami'in da jiharsa ta riga ta fara rabo. Me zai yi da kashi 88? Ba komai. Ya riga ya yarda maganin yana aiki, shi ya sa ake rabawa. Adadin da ya shafe shi yana can tsakiyar sakamakon: a kowane wata kusan yara uku cikin huɗu ne suka samu maganin, amma waɗanda suka samu dukkan zagaye huɗun kaɗan suka haura rabi, kashi 54.5 a 2015 da kashi 53 a 2016. Nan ne hannunsa zai iya kaiwa. Da ni zan rubuta masa, ga yadda zan buɗe: "Kusan rabin yaran da ya kamata su sha maganin sau huɗu ba sa cikawa. Muna ba da shawarar a riƙa bibiyar yaro da katinsa daga zagaye zuwa zagaye, a daina auna nasara da yawan maganin da aka raba kawai." Kashi 88 zai zo daga baya, a matsayin dalilin da ya sa kowane zagaye da ya kuɓuce asara ce. Amma da ministan ƙasar da ba ta fara ba nake rubuta wa, da kashi 88 ɗin zan sa a gaba, tare da kuɗin da wani nazari na shirin ya fitar a 2021, kimanin dala 3.63 ga kowane yaro a zagaye huɗu. Maƙala ɗaya, takardu biyu mabambanta, kuma babu ƙarya a ko ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne hukuncin da ke gaban mai karatu.

Yanzu ga naki. Shawara a irin wannan takarda dole ta ɗauki abu huɗu a bayanta: wa zai yi, me zai yi, yaushe, da nawa. Ki duba ƙarshen maƙalarki, na tabbata akwai jimla irin wannan: "Ya kamata masu ruwa da tsaki su ƙara wayar da kan iyaye mata." Kowa ya rubuta ta, ni ma na rubuta. Babu mai musa ta, babu kuma mai iya aiwatar da ita, domin ba ta kira sunan kowa ba. Ki gwada kowace shawara da wannan tambaya: bayan wata shida, zan iya zuwa in duba ko an yi ko ba a yi ba? In ba za ki iya ba, ba ta nuna ba tukuna.

Abubuwan da kika gano uku ne, kuma kowanne maganinsa daban, shi ya sa "wayar da kai" ba ta wadatar. Uwar da ke ajiye ƙwaya sai yaro ya kwanta ta ɗauka magani na marar lafiya ne, ba ta ga dalilin ɗura wa lafiyayye ba. Wadda ke raba wa yayye tausayi ne ya kama ta, ga ɗan shekara shida yana kallo an ba ƙaninsa. Wadda amai ya tsorata tana bukatar a gaya mata tun ranar farko abin da za ta iya gani da inda za ta je. Tunda a rana ta farko mai rabo ne ke ba yaro maganin a gabansa, sauran kwana biyun kuma ya bar wa uwa ƙwayar amodiyakwin, duk abin da za a gyara yana cikin 'yan mintunan da yake tsaye a zaure, ko kuma a dawowar wani gidan. Ga yadda kan takardarki zai iya kasancewa:

Take: A damina mai zuwa, a tabbatar yara sun sha maganin rana ta biyu da ta uku

Abin da muke nema a amince da shi kafin taron tsare-tsare:
1. Shirin jiha ya sa a horon masu rabo na bana wani darasi kan saƙo uku da za su faɗa wa kowace uwa kafin su bar gida: maganin na mai lafiya ne, na yaro ɗaya ne, ga abin yi in ya yi amai.
2. A gwada, a ƙananan hukumomi biyu, tura matan unguwa su leƙa gidaje a rana ta biyu da ta uku, a kwatanta da wasu biyu da ba a tura ba, a kawo sakamako a Nuwamba.
3. A ƙara tambaya kan rana ta biyu da ta uku a takardar masu sa ido, daga zagayen farko.

Uku sun isa. In kika jera goma, zai zaɓi mafi sauƙi ya bar mai muhimmanci. Ki kuma jera su yadda kike so a yi su, mai arha da ke hannunsa a sama. Ki lura da taken ma: jimla ce mai aiki a ciki, ko ita kaɗai ya karanta ya san inda kika dosa. Taken maƙalarki mai layi uku ya tsaya a mujalla.

Batun kuɗi ba ya cikin maƙalarki, na sani, kuma a nan ne za ki yi sabon aiki. Shawara marar farashi darakta ba zai iya hawa da ita sama ba. Lissafin ba mai wuya ba ne. A ce ƙananan hukumomin biyu suna da gunduma goma-goma, ashirin ke nan. A ce mata biyar a kowace gunduma, ɗari ke nan. Kwana biyu a kowane zagaye, zagaye huɗu, ya zama ranakun aiki 800. Ki je wurin akantan shirin ki tambayi alawus ɗin da ake ba mai rabo a yini, ki ninka, ki ƙara kuɗin horo na yini ɗaya. Ki rubuta a fili cewa ƙiyasi ne kuma ga inda kika samo farashin. Yawan matan ma ki daidaita shi da wanda ya san faɗin gundumomin, domin mace biyar ba za su zagaye gundumar da rugage suka warwatsu a cikinta ba.

Yanzu tsoronki na biyu, wanda ni a wurina shi ne alamar ke mai bincike ce ta gaske. Haɗarin yana nan, ba zan ɓoye miki ba. Da zarar an sa shawara a gaba, harshe yakan yi ƙarfi fiye da hujja, "yana da alaƙa da" ta rikiɗe ta zama "shi ke jawo". Maganinsa shi ne ki auna nauyin kalmar aikin da nauyin hujjar. Ki sake duba shawara ta biyu: cewa na yi a gwada, ban ce a aiwatar a faɗin jiha ba. Bincikenki ya nuna akwai matsala, ya kuma nuna dalilan da matan suka bayar, amma bai gwada leƙa gidaje ba, don haka ba ki da hurumin cewa zai yi aiki. Ta farko da ta uku kuwa masu arha ne, ko ba su yi tasiri sosai ba ba za su cutar da kowa ba, kina iya cewa a yi kai tsaye. Matakai uku ne za ki riƙe: a yi, a gwada, a bincika. Kowace shawara ki ajiye ta a matakin da hujjarki ta kai ta, ko da zuciyarki na son ki ɗaga ta sama.

Ita ma waccan maƙala ta Lancet tana da darasi a nan. Ta ba da rahoton cewa mace-macen zazzaɓin cizon sauro a asibitocin Burkina Faso sun ragu da kimanin kashi 42 a lokacin da cutar ta fi yaɗuwa. Amma iyakokin ƙiyasin sun tashi daga kusan kashi 6 har zuwa kusan 65. Wanda ya rubuta wa minista "an rage mace-mace da kashi 42" ya yi shiru, ya ba shi adadin da zai maimaita a gaban 'yan jarida kamar an auna shi da mudu. Gaskiyar magana ita ce, "mace-mace sun ragu, mai yiwuwa da kusan kashi biyu cikin biyar, amma girman raguwar bai tabbata ba." Kin ga ba a jibga masa alamomin lissafi ba, kuma ba a yaudare shi ba. Haka nan a maƙalar, raguwar masu zazzaɓin da aka tabbatar a asibitoci ta kai kusan kashi 55 a Gambiya, a Najeriya kuwa kusan kashi 25 ne. Wanda ya ɗauko na Gambiya ya kai wa jami'in Najeriya don ya fi daɗin ji ya ci amana, ko da kowane adadi daidai yake.

To a taki takardar, bayan shawarwari sai sakin layi ɗaya na matsalar, sannan hujja. Ki zaɓi adadi uku ko huɗu kacal daga jadawalanki, ki mayar da su bakin mutane: "uwa kaza cikin kowace goma", maimakon kashi mai ɗigo da lambobi biyu a bayansa. Kowane adadi ki manna shi da shawarar da yake tallafa wa, wanda bai tallafa wa ko ɗaya ba ya koma maƙala, komai kyansa. In za ki sa zane, ɗaya ya isa, kuma ki sake zana shi da kanki, domin wanda ke mujalla yana iya kasancewa ƙarƙashin haƙƙin mawallafa, ga shi kuma don masana aka tsara shi. Maganar uwa ɗaya daga hirarrakinki, layi biyu, ba suna ba gari, takan zauna a kan mai karatu fiye da jadawali. Hanyar bincike jimla biyu: gidaje nawa, a ina, yaushe, ta yaya. Bitar rubuce-rubucen magabata kuwa gaba ɗaya ta fita.

Sai wani ɗan akwati da nake so kada ki tsallake, mai taken "Abin da wannan bincike bai nuna ba". Layi uku. Cewa amsoshin daga bakin iyaye mata suka fito, kuma mutum yakan faɗa wa baƙo abin da yake jin baƙon na son ji, don haka matsalar tana iya fin yadda aka auna. Cewa wuraren da kika yi aiki ba su wakilci jiha duka ba. Cewa ba ki auna ko yaran da ba su cika maganin ba sun fi kamuwa ba, in dai ba ki auna ɗin ba. Wannan akwatin shi ne garkuwarki a gaban abokan aiki, kuma garkuwar darakta ne ranar da wani zai ƙalubalance shi a taro. A ƙasan shafi na biyu ki sa sunan maƙalar da inda za a same ta, da yadda za a tuntuɓe ki. A Kanada wata gidauniyar binciken ayyukan lafiya ta yaɗa tsarin da ake kira 1:3:25, wato shafi ɗaya na manyan saƙonni, uku na taƙaitawa, ashirin da biyar na cikakken rahoto. Naki ma haka yake a aikace: mai sauri ya tsaya a rabin shafin farko, mai son dalili ya ƙarasa shafi biyu, mai shakka ya nemi maƙala.

Abu biyu kafin ki buga. Waɗanda kuka rubuta maƙalar tare su ga shawarwarin su amince, domin sunansu na kan binciken, kuma kin ƙara abin da ba ku tattauna ba. Sannan ki kula da harshen zargi. Kada takardar ta nuna yatsa ga wata gunduma ko wasu masu rabo, kada kuma ta yi kama da cewa shirin ya gaza. Mutumin da kike so ya gyara shi ne mai shirin, in ya ji ana tuhumarsa, kare kansa zai tsaya yi.

Gwajin ƙarshe mai sauƙi ne. Ki ba wani da ba ɗan fagenku ba, ko akawun sashenku ne, ya karanta na minti ɗaya, ki karɓe takardar, ki tambaye shi wa ake so ya yi me, kuma yaushe. In ya fara da "bincike ne a kan…", ba ki gama ba, ki koma kan rabin shafin farko. In ya ce "ana so a ƙara darasi a horo, a gwada tura mata a ƙananan hukumomi biyu", ta nuna.

Daga nan ki kai da kanki, kwafi uku, kada ki tura ta waya ki zauna jira. Ki ce masa, "Ranka ya daɗe, ga amsar tambayar da ka yi mini." Ki tambaye shi wacce cikin ukun ce ba ta hannunsa, da wanda ya kamata a kai wa ita, da ko adadin kuɗin ya yi kama da gaskiya a idonsa. Ki riƙe biro, domin zai gyara miki wani abu, wataƙila ya ce matan unguwar suna nan tuni a wasu gundumomi, abin da ya rage a duba ko suna zuwa. In haka ne, shawara ta biyu ta sauya, ki koma ki gyara ta a daren, ki mayar masa kafin ranar taron. Allah ya ba da sa'a, ya raya mana yaran.